Bayani A Kan Auna Girman Janareta Ga Masu Injin Niƙa Da Surfe

'Yan kasuwa da masu injina na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, yau bayan farashin hatsi muna so mu yi magana a kan wata mas'ala wadda ta ci wa mutane da yawa jari. Ita ce auna girman janaretan da mutum zai aje a shagonsa domin ya ɗauki moto idan wuta ta tafi. Tun zamanin NEPA, har aka mayar da ita PHCN a 2005, har rabon wutar Kano da Katsina da Jigawa ya koma hannun KEDCO a 2013, mai sana'a bai daina bukatar injin wuta na kansa ba. Mu kuwa masu hatsi abin ya shafe mu, gama masarar da ba a surfa ba, ba a niƙa ba, a lokacin da mai saye ke jira da mota a ƙofa, ciniki ne ya wuce Dandume ko Funtuwa.

Abin da muke so a riƙe guda ɗaya ne. Janareta ba a auna shi da abin da moto ke ci yana cikin gudu kaɗai. Tilas a auna shi da abin da moto ke fizga sa'ad da zai tashi, domin nan ne ake yin ɓarna.

Fasali na ɗaya: dalilin da tashi ya fi gudu nauyi

Kowa ya ga kura an ɗora mata buhu goma a bakin kasuwa. Kafin ta motsa sai mutum uku sun sa kafaɗa, amma da ta kama hanya yaro ɗaya ya isa ya riƙa tura ta. To, haka moto yake, har ma da ƙari. Shi moto idan yana juyawa, yakan haifar da wata wuta a cikin kwayil ɗinsa mai ture wadda ke shigowa, sai ya zamana abin da yake sha ya tsaya daidai gwargwado. Amma sa'ad da yake tsaye cik, wannan mai turewar babu ita, ƙofa a buɗe take. Da an danna maɓalli sai wuta ta kwararo masa ninki biyar zuwa bakwai na abin da aka rubuta a jikinsa. Masu aikin wuta sukan ɗauki ninki shida su yi lissafi da shi. Wannan fizga ba ta daɗewa, daƙiƙa biyu ce zuwa goma, gwargwadon nauyin abin da yake juyawa. Kuma a lura, ko babu hatsi a cikin injin, fizgar farko tana nan yadda take. Abin da rashin kaya ke ragewa shi ne daɗewarta.

Wani zai ce, to, don me da wutar gari moton ke tashi lafiya lau? Amsa ita ce taransifomar unguwa babba ce, sau da yawa mai 300 ko 500 kVA, bayanta kuma ga layin ƙasa baki ɗaya. Wanda ya ɗebi bokiti shida a madatsar Mairuwa ba wanda zai ga ruwa ya ragu. Amma ya ɗebe su a randa, nan take za a ga gindinta. Janareta randa ce.

Idan janareta ya gaza ɗaukar fizgar, ƙarfin wutarsa, watau bolt, sai ya faɗi. Nan kuma akwai wani abu da ya kamata a sani: ƙarfin juyin moto ba ya raguwa daidai da faɗuwar bolt, ya fi haka sauri. Idan bolt ya sauko zuwa kashi 70 cikin 100, ƙarfin juyi yakan koma 70 sau 70, watau kashi 49 cikin 100, rabi ke nan. Sai moto ya kasa kama gudu, ya tsaya yana gurnani, yana ta shan wuta ninki-ninki, kwayil na ɗaukar zafi. In aka yi ta maimaita masa haka, wata rana sai a ji ƙauri, sai kuma wurin mai naɗi.

Fasali na biyu: karanta allon da ke jikin moto da na janareta

Kada a yi ciniki da baki kawai, a ce moto mai doki kaza ne. A goge ƙurar allon ƙarfen da ke jikinsa a karanta. Inda aka sa kW ko HP, ƙarfinsa ke nan, kuma doki ɗaya kamar kashi uku cikin huɗu ne na kW ɗaya. Inda aka sa A, amfiya ke nan, watau yawan wutar da yake sha da cikakken kaya. Inda aka sa V, bolt ne. Waɗansu masu ƙira sukan ƙara IA/IN da lamba a gabansa, kamar 6.5 ko 7. Wannan shi ne ninkin tashinsa na gaskiya, in an same shi sai a yi aiki da shi a bar shida.

Shi janareta da kVA ake sayar da shi. Hanyar mayar da amfiya zuwa kVA a wuta mai layi uku, mai bolt 400, mai sauƙi ce: a ninka amfiya sau 7, a raba gida 10. Wanda ke son asalin ƙa'idar, ga ta:

kVA = 1.73 × V × A ÷ 1000

Sa'an nan a sani janareta mai layi uku ba ya ba da kW daidai da kVA ɗinsa, kashi 8 cikin 10 yake bayarwa. Mai 30 kVA injinsa kW 24 yake ja, mai 40 kuwa kW 32. Kuma allonsa yakan zo da lamba biyu. Wadda aka rubuta wa Standby ta ɗan taimako ce, na sa'o'i kaɗan in wuta ta ɗauke. Wadda aka rubuta wa Prime ita ce ta aikin yini, takan kasa waccan da wajen kashi 10 cikin 100. Mai sayarwa babbar zai faɗa maka. Amma shagon da janareta zai wuni yana aiki, ƙaramar ita ce tasa.

Fasali na uku: misali da lissafinsa

Mu ƙaddara shago ne irin wanda ake gani a garuruwanmu. Akwai injin niƙa mai moto 11 kW, watau doki 15, allonsa ya ce amfiya 22. Akwai injin surfe mai moto 7.5 kW, watau doki 10, amfiya 15. Akwai fankar sheƙe dusa mai moto 2.2 kW, amfiya 5. Sai fitilu da injin ɗinkin buhu, mu ba su kVA 1.

Lissafi na farko shi ne na gudu. Amfiya 22 ta zama kVA 15 da 'yan kai, 15 ta zama 10 da rabi, 5 ta zama 3 da rabi, ga kuma 1 na fitilu. Jimla wajen kVA 30. A nan ne mutane ke tsayawa, su tafi Kano ko Kaduna su ce a ba su mai 30. Alhali ko a gudu kaɗai mai 30 ya cika maƙil, kamar buhun da aka cusa har ba wurin ɗinki. Ƙa'ida ita ce kada kaya su wuce kashi 8 cikin 10 na janareta, balle a zafin Maris zuwa Mayu a ɗakin kwano, inda inji ke rasa wani abu na ƙarfinsa. To, 30 kashi 8 cikin 10 ne na 37 da rabi. Wanda ke sama da shi a kasuwa shi ne mai 40. Lissafin gudu ya ce 40.

Lissafi na biyu shi ne na tashi. Moton niƙa, amfiya 22 sau 6, ya ba da 132, watau kVA 92. Dubi wannan da kyau. Janareta mai 30 amfiya 43 kacal aka yi shi ya bayar, ga shi ana neman 132 a wurinsa, ninki uku. Bolt zai faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin uku, abin da muka faɗa a baya ya auku.

Sa'ar da aka yi, ba sai an sayi mai 92 ba. Janareta lafiyayye yakan jure fizgar da ta kai ninki biyu na girmansa na 'yan daƙiƙu, bolt ya sauka da kamar kashi 30 cikin 100, sa'an nan abin daidaita wutarsa, wanda ake kira AVR, ya ɗago shi. Saboda haka sai a raba fizgar gida biyu. Rabin 92 shi ne 46, watau mai 50. Wannan ƙiyasi ne na kasuwa, ba hukunci ba. Kowane kamfani yana da takardar da ke nuna iyakar fizgar da janaretansa ke ɗauka, in akwai ta a nemi gani. Wanda kuma allonsa ke da PMG ya fi riƙe wuta a lokacin tashi.

Amma mai 50 ɗin nan da sharaɗi. Sai in moton niƙa ne aka fara tayarwa, janareta ba ya ɗauke da komi. In kuwa an bari surfe da fanka da fitilu suna aiki, watau kVA 15, sa'an nan aka danna na niƙa, lissafi ya zama 92 da 15, jimla 107, rabinsa 54, sai mai 60. Ashe jerin tayarwa kaɗai ya raba mai 50 da mai 60. Ƙa'idar ke nan: a yi lissafi biyu, na gudu da na tashi, wanda ya fi girma shi ne girman janareta.

Fasali na huɗu: rage fizgar maimakon ƙara janareta

Akwai hanyar da ta fi araha nesa ba kusa ba. Ita ce a sa wa babban moto akwatin tayarwa da masu aikin wuta ke kira sita-dalta. Kwantakta uku ne da agogon ƙidayar daƙiƙa. Da farko yakan haɗa kwayil ɗin moto ta yadda kowanne zai sami wuta kaɗan, in ya kama gudu sai ya juya shi zuwa cikakkiyar wuta. Da wannan fizgar takan koma kashi ɗaya cikin uku. Amfiya 132 ta zama 44, kVA 92 ya zama 31. Yanzu lissafin tashi ya sauko ƙasa da na gudu, mai 40 ya wadatar. Kuɗin akwatin nan bai kama ƙafar bambancin da ke tsakanin mai 40 da mai 60 ba.

Sai dai yana da sharuɗɗa uku, kowanne in aka saɓa shi an yi aikin banza. Na farko, moton ya kasance mai bakin waya shida, kuma allonsa ya ce 400/690 ko 380/660. Wanda aka rubuta wa 230/400 ko 220/380 ba a yi masa sita-dalta a wutarmu, in aka juya shi dalta ƙonewa zai yi. Na biyu, yadda wuta ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, haka ƙarfin juyi ya ragu. Don haka tilas inji ya tashi wayam. A rufe mazubin hatsi kafin a kashe, a bari cikinsa ya fita sarai, kada yaro ya kashe inji da masara a ciki. Na uku, agogon ya jira har ƙarar moto ta miƙe ta daidaita kafin ya juya. In ya yi gaggawa, fizgar da aka guda za ta dawo kusan duka a wurin juyawar.

To, ga wani tarko da ba kowa ke lura da shi ba. Da aka sa wa na niƙa akwati, ba shi ne mai babbar fizga ba kuma. Na surfe ne, wanda aka bari yana tashi kai tsaye: amfiya 15 sau 6, 90 ke nan, watau kVA 63. In aka bi tsohuwar al'ada ta fara tayar da babba, sa'an nan aka danna na surfe, lissafi ya zama 63 da 15, jimla 78, rabinsa 39. Mai 40 yana bakin gaɓa, ranar da aka yi zafi ko matatar mai ta toshe sai ya durƙusa. Amma in aka fara da na surfe, rabin 63 bai wuce 32 ba, sa'an nan na niƙa ya biyo da 31 ɗinsa a kan 10 da rabi, ba wata wahala. Saboda haka ba mai girman jiki ake fara tayarwa ba, mai girman fizga ake farawa da shi. Wanda kuma aikinsa ya sa yana kashe surfe yana kunnawa cikin yini, gara ya sa wa dukansu biyu akwati ya huta. A rubuta jerin da alli a bangon shago, domin yaron inji na yau ba shi ne na gobe ba.

Akwai kuma akwatunan zamani. Wanda ake kira sof-sitata yakan tsayar da fizga a ninki uku zuwa huɗu, mai sarrafa gudu da ake rubuta wa VFD kuwa yakan tsayar da ita kusa da ninki ɗaya da rabi. Suna da kyau, amma sun fi tsada, ƙurar gari da zafi suna kashe su in ba a killace su ba, mai gyaransu kuma ba a kowane gari yake ba.

Fasali na biyar: illar wuce gona da iri

Wani zai ce, ni ba na son lissafi, mai 100 zan saya in huta. Wannan ma asara ce, sai dai a hankali take ci. Injin gas ba ya son zama da ƙaramin kaya. In ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, cikinsa ba ya yin zafin da zai ƙone mai sarai, sai a ga wani baƙin ruwa mai maiƙo yana tsiyaya ta bakin salansa, zoben fistin yana daskarewa da baƙi, yana shan baƙin mai. Mai 100 kW 80 yake bayarwa, shagon misalinmu kuwa ko an kunna komi da komi wajen kW 25 yake ci, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, balle ranar da surfe kaɗai ake yi. Ga kuɗin saye, ga gas da yake ƙonawa don juya kansa kawai. Mai 40 da wannan kaya wajen lita 7 yake sha a sa'a, kuma yana cikin daɗin aikinsa. Haka nan ba a kunna babban janareta da dare don fitila biyu da cajin waya, a nemi ƙarami ko sola.

Fasali na shida: alamomi da gwaji kafin biya

Janareta gida biyu ne, injin da ke shan gas da kan da ke ba da wuta, kowanne kuma da irin kukansa. In aka danna moto fitilu suka dushe ƙwarai, kwantakta ta riƙa kaɗawa kaf-kaf-kaf tana saki tana kamawa, amma ƙarar inji ba ta sauya sosai ba, to, kan wuta ne ya yi ƙaranci, ko AVR ya gaji. Kada a bari ana ta dannawa, wannan kaɗawar tana ƙona bakin kwantakta. In kuwa inji ya yi nishi, ya tuttuɗo baƙin hayaƙi, allurar Hz ta faɗo ƙasa da 50 ta daɗe ba ta koma ba, injin ne ya gaza, ko don ƙaranci ko don tsufa ko toshewar matata. In kuma wuta lafiya a bakin janareta amma ta kasa a bakin moto, a duba waya, ta yi siriri ko ta yi tsawo, wannan ba laifin janareta ba ne. Moton da ke gurnani ya ƙi juyawa alhali fitilu ba su dushe ba, a kashe nan da nan a duba ko layi ɗaya cikin ukun ya yanke.

Game da na hannu kuwa, fenti da allo ba shaida ba ne. Injin da ya sha aiki ba ya ba da abin da aka rubuta masa, wani ma an sauya masa kai. Yadda ba ma sayen buhu sai mun soka mun ga ƙwaya, haka janareta. A yi sharaɗi da mai sayarwa a gaban shaidu cewa ciniki bai faɗa ba sai ya tayar da motonka a shagonka. A zo da mai aikin wuta da mitar da ake maƙalawa a waya, ya auna amfiya a layi ukun da hatsi a cikin inji, ya ga bolt ya koma daidai cikin 'yan daƙiƙu bayan tashi. A gwada da rana tsaka bayan inji ya yi sa'a guda yana aiki, ba da sanyin safiya ba. Kuma a tabbata an sa makunnin canji tsakanin wutar gari da ta janareta, domin kada wutarka ta koma kan layi ta kashe mai gyara a bisa turke.

Wanda zai tafi saye cikin wannan kaka, ya tafi da takarda a aljihu: amfiyar kowane moto, yadda kowanne ke tashi, jerin da za a bi, da lambobin nan biyu, ta gudu da ta tashi. In mai sayarwa bai tambaye ka girman babban motonka da yadda yake tashi ba, ka sani kayansa yake son rabuwa da su, sai ka yi lissafinka da kanka. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.